Lambobin wayar kwastomomi 2,340 a shagon ɗinki: wanne zan riƙe, wanne zan goge?

Tela_Mansur

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da shagon ɗinkin kawuna a nan Makka, wajen Shara Mansur, muna ɗinka tobi da wando na maza da yara. Tun 2017 duk wanda ya kawo ɗinki sai mu rubuta sunansa da lambar jawwal ɗinsa da awonsa a littafi, sannan in sa lambar a wayar shago. Yanzu littattafai tara ne, lambobin da ke waya kuma 2,340.

Kafin azumin da ya wuce na buɗe rukunonin WhatsApp na zuba mutane a ciki don in sanar da su ragin da muka yi na ɗinkin salla. Kwana biyu da yin haka wani bawan Allah ya zo shago ransa a ɓace. Ashe matarsa ce ta ba mu lambarta shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka ɗinka wa yaransu kaya, kuma wani da ke cikin rukunin ya ɗauki lambar ya fara aika mata saƙo da dare. Ban iya ɗaga ido na kalle shi ba. Na ba shi haƙuri, na goge lambar a gabansa, na rushe rukunonin. Da zai fita ya ce mini akwai doka a kan wannan, in je in tambaya.

To ga ni na zo tambaya. Shin ƙaramin shago irin namu ma dokar ta shafe shi? Kuma wata nawa ko shekara nawa aka yarda in riƙe lambar mutum?

Abu_Fahad_Hindawiyya

Wa alaikumus salam. Malam Tela, ka kwantar da hankalinka. Wannan doka ta bankuna ce da kamfanonin waya da asibitoci. Wa zai bar su ya zo Shara Mansur yana duba littafin awo? Ka ba mutumin haƙuri, magana ta ƙare.

Rabi_Jidda

Abu Fahad, ba haka ba ne, kuma ba na so ya tafi da wannan fahimtar. Aikina ke nan a kamfanin da nake, ni ke duba yadda ake ajiye bayanan mutane.

Sunanta dokar kare bayanan mutum. Ta fito a 2021, aka yi mata gyara a 2023, ta fara aiki ranar 14 ga Satumba 2023, aka ba kowa shekara guda ya gyara gidansa, wa'adin ya cika 14 ga Satumba 2024. SDAIA, hukumar kula da bayanai ta Saudiyya, ce ke sa ido a kanta. Ba ta ware babba da ƙarami ba. Abin da ta cire kawai shi ne ajiyar da mutum ya yi don kansa ko iyalinsa, kamar lambobin 'yan'uwanka da abokanka. Da zarar lambar ta shigo hannunka ta dalilin sana'a, ka shiga ƙarƙashinta. Lambar waya kuwa tana cikin abubuwan da dokar ta ambata da suna.

Sai tambayarka ta biyu, Malam Tela. Dokar ba ta yanka wa lambar waya kwanaki ba. Babu inda ta ce wata shida ko shekara biyar. Abin da ta ce abu biyu ne. Na farko, kada ka karɓi fiye da abin da buƙatarka take nema. Na biyu, idan buƙatar da ka karɓa dominta ta ƙare, ka lalata shi ba tare da jinkiri ba. Ke nan amsar tana wurinka: don me ka karɓi lambar matar nan? Don ka kira ta idan kaya sun kammala. Kaya sun kammala, ta karɓa, ta biya. Wannan buƙatar ta mutu tun shekara huɗu. Talla kuma wata buƙata ce dabam, wadda dokar ta ce sai mutum ya yarda tun kafin a fara aika masa, kuma a ba shi hanyar da zai ce a daina.

Tela_Mansur

Na gode Hajiya. Amma ai mutum yana dawowa. Wani sai shekara ta zagayo zai leƙo ya ce a ɗinka masa da awon bara. Da lambar nake nemo awon, domin masu suna Muhammad a littafina sun fi ɗari biyu.

Rabi_Jidda

Yawwa, wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma za ka iya riƙewa dominta. Sharaɗin shi ne ka faɗa masa lokacin da kake awo, kuma ka sa mata iyaka. Kalma ɗaya ce: "Alhaji, in ajiye awonka da lambarka don zuwa na gaba?" Ya ce e, ka sa alama. Ya ce a'a, ranar da ya karɓi kayansa da ɗan lokacin gyara ya wuce, ka goge. Abin da bai kamata ba shi ne "ko watarana zai dawo" ya zama hujjar riƙe lambar mutum har abada.

Muhasib_Sani

Hajiya Rabi, da girmamawa, kina neman jefa shi cikin matsalar haraji. ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan, ta wajabta wa mai rajistar harajin kaya ya ajiye faturoci da takardun ciniki aƙalla shekara 6. Idan ya goge bayanan kwastoma, suka zo bincike, me zai nuna? Ni shawarata kada ya taɓa komai sai ya cika shekara 6.

Rabi_Jidda

Shekara 6 ɗin gaskiya ne Malam Sani, kuma ita kanta dokar kare bayanan ta ce idan wata doka ta wajabta ajiye abu na wani lokaci, to a ajiye har lokacin ya cika. Amma me ZATCA ta ce a ajiye? Fatura. Kai ka fi ni sani, fatura mai sauƙi da ake ba mutum ɗaya idan ya yi sayayya tana ɗauke da sunan shago, lambar harajinsa, kwanan wata, kuɗi, harajin kashi 15 da lambar QR. Lambar wayar mai saye ba ta cikin abin da aka wajabta. To wajibcin ajiye fatura bai ba shi hujjar riƙe mutum 2,340 a cikin wayar shago ba. Faturar ta zauna a ma'ajinta, lambar da ke waya ta tafi.

Muhasib_Sani

Na yarda da wannan. Inda nake tsaye har yanzu shi ne littattafan nan tara. Idan irin littafin da na sani ne na teloli, shafi ɗaya ne ke ɗauke da suna, lamba, awo, kuɗin ɗinki, arbun da aka bayar da abin da ya rage. Wato littafin awo ne kuma littafin kuɗi ne. Ba zan ba kowa shawara ya ɗauki alƙalami yana shafe layuka a littafin kuɗi ba, mai bincike ya gani zai ce an yi ɓoye-ɓoye.

Tela_Mansur

Haka yake Malam Sani, kamar ka shigo shagon ka gani. Har ɗan guntun yadin muke mannawa a gefen shafin.

Rabi_Jidda

To a nan ina tare da Malam Sani. Kada ka shafe, kada ka yage. Littattafan da ba su kai shekara 6 ba ka sa su a akwati ka kulle, makulli a hannunka ko na kawu, kuma kada a buɗe su don neman lambar da za a yi wa talla. An ajiye su don haraji, don haraji kaɗai za a buɗe. Waɗanda suka wuce, ku zauna da akawunku ya tabbatar babu wata dokar kasuwanci da ta nemi ku ƙara riƙewa, sannan a yayyanka ko a ƙone. Kada a jefa su a kwandon shara yadda suke. Gyaran gaske a sabon littafi yake: a raba takardar kuɗi da takardar awo, a haɗa su da lambar aiki, misali 0412. Takardar kuɗi ba ta buƙatar lambar waya, sai ta zauna shekarunta lafiya. Takardar awo kuma ranarta ta zo a lalata ta.

Dan_Gadarif

Salamu alaikum. Ni ma abin ya taɓa faruwa da ni a Riyad, lambobina duka suka goge. Ka shiga asusun Google ɗinka, akwai wurin da ake cewa Trash, suna nan har kwana 30, za ka iya dawo da su. Kada ka damu.

Ummu_Hanan

Ɗan Gadarif, ba ɓata suka yi ba, so yake ya goge su da kansa. Ka sake karanta saƙon farko.

Rabi_Jidda

Amma Allah ya sa ya kawo maganar, domin ita ce inda mutane suka fi yin kuskure. Malam Tela ya goge lambar matar nan a gaban mijinta, amma ina da yaƙinin tana nan a wasu wurare. Tana cikin Trash ɗin da Ɗan Gadarif ya faɗa har kwana 30. Hirar da aka yi da ita a WhatsApp tana nan da lambar a samanta. Kwafin hirar da waya ke ɗorawa a Google Drive ko iCloud yana nan. Idan akwai tsohuwar wayar shago a aljihun tebur, tana ciki. Ƙa'idojin aiwatar da dokar sun ce lalatawa ta haɗa da duk kwafin da ke hannunka, har na ajiyar ko-ta-kwana. Saboda haka a jere ake yi: a goge lambar, a share Trash, a goge hirar, sannan a sa WhatsApp ya ɗora sabon kwafi ya danne tsohon.

Tela_Mansur

Innalillahi. Na duba yanzu, hirar tana nan, har hoton yaran da ta turo don mu ga irin wuyan rigar da take so. Na goge. Akwai kuma yaron da ya yi mana aiki ya tafi bara, da wayarsa yake kiran mutane su zo karɓar kaya. Ban san lambobi nawa ya tafi da su ba.

Ummu_Hanan

Wannan na yaron shi ne ciwon da na sha. Ina dafa abinci a Madina ana kai wa gidaje, masa da tuwo da miyar kuka, yawanci mata ne ke yin oda. Da can ina tura wa mai kai kaya lambar mace da taswirar gidanta ta WhatsApp, kullum, har ya tara gidaje fiye da ɗari a wayarsa. Ranar da muka rabu ya koma wa wata mai abinci, sai ga kwastomomina suna kira na suna tambaya wa ya ba wance lambarsu. Wata dattijuwa da ta ɗauke ni kamar 'ya ta ce mini, "Ummu Hanan, gidana na ba ki, ban ba kasuwa ba." Na kwana ina kuka.

Yanzu waya ɗaya na saya ta aiki, ita mai kai kaya ke ɗauka da safe ya dawo da ita da dare. Na kunna Disappearing messages a hirarmu da shi na sa kwana 7, taswira da lamba su ɓace da kansu. Ba ya hana mai niyya ya kwafa, na sani, amma ya hana tarin nan da ke taruwa ba da niyyar kowa ba.

Abu_Fahad_Hindawiyya

Duk na ji, amma har yanzu ban ga telan da aka ci tara ba. Kuna ɗora wa bawan Allah aikin ofis alhali ga ɗinkin mutane yana jiransa.

Rabi_Jidda

Ba sai an zo duba littafi ba, Abu Fahad. Mai lamba yana da damar kai ƙara wurin SDAIA da kansa, kuma mutumin da ya zo shagon ya riga ya san akwai dokar. Hukuncin yana farawa daga gargaɗi, tara kuma iyakarta riyal miliyan 5, ana iya ninkawa ga wanda ya maimaita. Wannan iyaka ce ta sama, ba ita za a ɗora wa mai shagon ɗinki kai tsaye ba, kwamiti ne ke duba girman laifin. Ni ban kawo ta don in tsorata shi ba. Abin da ya faru da matar nan ya riga ya faru ko da babu tara.

Malam_Idi_Misfala

Ƙanena Tela, ni na girme ka a sana'ar, shekara talatin ina kan keke. Abu ɗaya zan ƙara wanda ba a faɗa ba. Rabin lambobin da kake riƙewa ba na masu su ba ne yanzu. Alhaji ya zo daga Kano ko Maraɗi, ya sayi layi a filin jirgi, ya kawo maka yadi, ya karɓi kayansa ya koma gida. Layin ya mutu, bayan wani lokaci kamfanin waya ya sayar wa wani. Kai kana nan kana aika "Alhaji Musa, ragin salla ya zo" ga wani Bafilibine a Dammam. Na taɓa aika wa wani tunin bashin riyal 180 da sunansa cikakke, wanda ya amsa bai taɓa jin sunan ba. Na tona asirin mai bashi a wurin baƙo, kuɗin kuma ban samu ba. Tun daga nan alhazai ba na sa lambarsu a waya ko kaɗan. A jikin takardar da ke maƙale da kayan nake rubutawa, ya karɓi kaya in yage ta.

Zainab_IT

Baba Idi ya kawo hanya mafi sauƙi. Ga mai son yi da kwamfuta kuma: a fitar da lambobin zuwa Excel ko Google Sheets, a sa ranar zuwan mutum na ƙarshe a layin C, sannan a rubuta wannan a layin D a ja shi ƙasa:

```
=EDATE(C2,24)<TODAY()
```

Duk inda ya nuna TRUE, mutumin ya wuce wata 24 bai zo ba. Idan wata 18 kake so, ka canza 24 ɗin. Sai dai a tuna, wannan takardar ita ma wani kwafin lambobin ne. Kada a tura ta ga kowa ta WhatsApp, kuma wanda aka goge a waya a goge shi a cikinta.

Hamza_Kargo

Tunda ana maganar, mu masu aika kaya Najeriya fa? Muna ɗaukar hoton igama ko fasfo na duk mai aikawa, hotunan sun cika waya.

Rabi_Jidda

Malam Hamza, naka ya fi nauyi, ya cancanci a buɗe masa zance dabam. A taƙaice dokar ta hana ɗaukar hoto ko kwafin takardun shaida na hukuma sai idan wata doka ta nema ko hukumar da ke da iko ta buƙata. Harkar kargo tana da ƙa'idojinta na kwastan da na sufuri, sai ka tabbatar me suka wajabta maka a rubuce, ka tsaya a kansa. Tela dai ba shi da dalilin taɓa igamar kowa.

Tela_Mansur

Na dawo da rahoto. Dare uku muka yi ni da ɗan kawuna muna bin littattafai da waya. Cikin 2,340 ɗin, 912 alhazai ne da 'yan umara, mun gane su ta sunan masaukin da muke rubutawa a gefe. 771 mazauna ne amma sun fi shekara biyu ba su leƙo ba. 610 sun zo cikin shekara biyun nan. Sai 47 da ko dai kayansu na rataye ba su karɓa ba, ko muna bin su ragowar kuɗi.

Na goge 912 da 771 ɗin yadda Hajiya Rabi ta jera, har Trash da hira da kwafi. Hannuna yana rawa lokacin da na danna, shekara da shekaru ina ganin yawan lambobin nan kamar su ne jarin shagon. 610 ɗin ban aika musu komai ba, na bari duk wanda ya zo in tambaye shi baki da baki. Na sa an buga sabuwar takardar awo da tambaya biyu a ƙasa, kowace da wurin sa alama: a ajiye awona da lambata, da kuma a riƙa sanar da ni ragi. Na kuma manna takarda a jikin gilashin teburin da Larabci da Hausa, tana faɗin dalilin da muke karɓar lamba, tsawon lokacin da za mu riƙe, da wanda za a yi wa magana idan mutum yana so a goge tasa. Yaron da ya tafi na kira shi, ya ce ya goge, ba ni da hanyar tabbatarwa.

Mutum 47 ɗin ne ban san yadda zan yi da su ba. Akwai tobi uku da ke rataye tun 2021.

Rabi_Jidda

Madalla da wannan aiki. Abu ɗaya ka riƙe: wanda ya nemi a goge tasa, ƙa'idar ta ba da kwana 30 a amsa masa, amma kai da kake iya yi a minti biyu, ka yi nan take ka rubuta ranar a wani ɗan littafi da lambar aikin kawai.

Su 47 buƙatarsu ba ta ƙare ba, kayansu ko kuɗinka na tsakani, don haka riƙe lambarsu daidai ne. Amma don wannan maganar kaɗai za ka kira su, kuma ka fara da tambayar ko wane ne kafin ka ambaci bashi, saboda abin da Baba Idi ya faɗa. Idan ka kira aka ce ba shi ba ne, lambar ta zama ta wani, ka goge ta ko da tobin na nan rataye.

Wata 24 ɗin da ka bi wajen tace lambobin ne nake ganin ya yi yawa. Ɗinkin salla shekara-shekara ne, wanda ya tsallake salla guda ya kuma ƙara wata shida, wata 18 ke nan, ya isa.

Malam_Idi_Misfala

A'a 'yata, a nan ban bi ki ba. Tobi mai kyau yana kai wa mutum shekara biyu, musamman dattawa da ba sa ɗinki kowace salla. Ina da mutane da sai salla ta uku suke dawowa, kuma ransu yana ɓaci idan na ce babu awonsu. Ga yara kuwa ko wata 12 ya yi yawa, yaro ya riga ya fi awon.

Ummu_Hanan

To ai sai a raba, na manya dabam na yara dabam. Kuma lambar da ke kan awon yara yawanci ta uwa ce, ita ce ma ya fi kamata a yi saurin gogewa.

Muhasib_Sani

Ni tambayata ga Hajiya Rabi: idan mutum ya sa alama da hannunsa cewa a ajiye, me zai hana a riƙe har ranar da ya ce a goge? Ai ya yarda.

Rabi_Jidda

Ya yarda a ajiye don ɗinki na gaba, Malam Sani. Idan shekara biyar ta wuce babu ɗinki, awon ya daina yi masa daidai, layin ma wataƙila ya koma hannun wani, yardar tana kan abin da babu shi. Shi ya sa nake so a rubuta wa'adin a jikin takardar, ya gani kafin ya sa alama. Tsakanin 18 da 24 kuwa ba zan ja da Baba Idi ba, ya fi ni sanin yaushe tobi ke tsufa.

Tela_Mansur

Na kai wa kawu maganar bayan la'asar. Ya ce manya wata 24, yara wata 12, alhazai a bi hanyar Baba Idi. Za a sake buga takardar da wa'adin a jiki. Tobi ukun 2021 na kira lambobinsu ɗazu: ɗaya a kashe, ɗaya wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba, na goge. Na ukun ya ɗauka, ya ce yana Ɗa'if, zai zo ranar Alhamis.

Hamza_Kargo

Hajiya Rabi, na buɗe zancen kargo ɗin dabam kamar yadda kika ce. Don Allah ki leƙa idan kin samu sarari, hotunan igama 600 ne a wayata.